"Ni" ko "shi": yadda ake zaɓar murya a taƙaitaccen bayanin kai

Tun da na sa hoton wani CV da na gyara wa wani direba, mutane suke ta turo mini tambaya ɗaya, wasu ma har shago suke biyo ni da ita nan Marwa ta Kamaru: layukan nan uku ko huɗu da ake sawa a saman CV, ko a shafin kasuwanci, ko wanda ake miƙa wa mai gabatarwa a taro, a rubuta "na yi kaza" ne ko "ya yi kaza"? To bari in amsa sau ɗaya yadda nake yi a kan tebur ɗina. Zan yi aiki da misalin ɗiyar yayata, tela ce a unguwar Domayo, ta zo mini da buƙata uku a mako guda: tana neman aikin koyar da ɗinki a wani shiri na mata a Mora, tana son gyara shafinta na waya, kuma za a yi bikin yaye 'yan matan da ta koya wa, mai gabatarwa ya ce ta kawo abin da zai karanta a kanta. Sunanta ba zan sa ba, Wance zan riƙa cewa.

Abin da za ka tanada ba yawa: takarda biyu, biro ja da baƙi, takardun shaidarka a gefe don kada ka rubuta shekara daga ka, da mutum ɗaya da zai zauna ya saurare ka minti biyar.

Mataki na 1: Daga bakin wa maganar za ta fita?

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka hango takardar nan ta isa inda za ta, ka tambayi kanka wa mai karatu zai ɗauka yana magana. Idan sunanka ne a sama, lambarka a ƙasa, kai ka sa hannu, to kai ne mai magana, muryar "ni" ce taka. Idan kuwa wani ne zai riƙe makirfo ya karanta, ko wata ƙungiya ce za ta buga a ƙasidarta tare da bayanin wasu mutum biyar, to ba kai ke magana ba, ana maganarka ne, muryar "shi" ko "ita" ce ta dace.

Da na yi wa Wance wannan tambayar ai nan take ta raba su da kanta: neman aiki da shafin waya bakinta ne, bikin yaye bakin mai gabatarwa ne. Amma sai ta ce, "Kawu, ni fa kunya nake ji in rubuta na yi, na yi, kamar ina yabon kaina, ba gara a sa ta yi ba duka?" Na ce mata 'yata zauna, wannan kunyar na san ta, kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan da ita yake zuwa, domin da "yabon kai jahilci" aka raine mu. Sai dai kuma sa "ta yi" a takardar da kowa ya san ke kika rubuta ba ya cire yabon, ƙara masa nauyi yake, kamar mutum ya ɗauki kalangu yana yi wa kansa kirari da sunansa.

Hattara: idan sanarwar aikin ko fom ɗin ta faɗi muryar da take so, ko ta ba da misali, to magana ta ƙare, bi nasu. Ka duba sanarwar har ƙasa kafin ka fara.

Mataki na 2: Zuba gaskiya zalla, ba murya

A takarda ta farko ka jera abin da ya faru kawai, ba "na" ba "ya", ba kalmar yabo ko ɗaya. Na Wance ga yadda ya fito: BEPC, wato shaidar gama ƙaramar sakandare, koyon ɗinki daga 2012 wajen gwaggo, buɗe shago 2016, keke huɗu, 'yan mata 23 sun gama koyo, 14 suna ɗinkin kansu, ɗinkin mata, kayan biki, yunifom, Hausa, Fulatanci, Faransanci. Shi ke nan. Daga wannan jerin kowace murya za ta ɗiba, kuma shi zai hana ka faɗi shekara takwas a CV ka faɗi goma a taro.

Hattara: duk abin da ba za ka iya nuna shaidarsa ba, ko a kira wani ya tabbatar, kada ya shiga jerin nan tun yanzu.

Mataki na 3: Fara da muryar "ni", ko da ba ita za ka tura ba

Ni kullum da ita nake sa mutum ya fara, saboda a cikinta ƙarya take saurin nuna kanta. Mutum zai iya rubuta "ƙwararriya ce da ba ta da na biyu a Marwa" hannunsa bai girgiza ba, amma ka ce ya juya ta "ni ƙwararriya ce da ba ni da na biyu" sai ka ga ya tsaya yana murmushi, ya san ta yi yawa. Wannan tsayawar ita nake nema.

Ga zubin farko da Wance ta yi da aka matsa mata:

"Ni mace ce mai haƙuri da ƙwazo da riƙon amana. Ni ƙwararriyar tela ce. Ina son aiki da mutane kuma ina da burin taimakon mata 'yan uwana."

Ku duba da kyau, babu ko abu ɗaya daga jerin mataki na 2 a ciki, duka sifa ce, kuma ita ce ke ba kanta shaidar sifar. Nan ne kunyar take da gaskiya, wannan kam yabon kai ne. Kuma wanda ke tace dosiye a ofis ya riga ya karanta haƙuri da ƙwazo da riƙon amana a takardun da suka gabaci taka, idonsa zamewa kawai yake a kai. Maganin shi ne a muryar "ni" ka bar sifa ka kama aiki: abin da hannunka ya yi, yaushe, nawa. Ga yadda muka mayar da shi:

"Tela ce ni a Domayo, Marwa, ina da shagon kaina tun 2016. Na koyar da 'yan mata 23 ɗinki daga riƙe almakashi har yanka riga, 14 daga cikinsu yanzu suna ɗinkin kansu. Ina koyarwa da Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma na saba da ɗaliban da ba su yi boko ba. Ina so in kai wannan koyarwar wajen matan Mora."

Kun ga ba ta ce tana da haƙuri ba, amma wanda ya karanta cewa ta zauna da yara 23 tun daga riƙe almakashi shi da kansa zai faɗa a ransa. Launin muryar kuma ya zama na mutum da ke zaune gabanka yana ba ka amsa, akwai kusanci, akwai ɗaukar nauyi, domin "na koyar" alkawari ne, idan aka kira ta ita za ta kare shi. Kuma akwai abu ɗaya da muryar "ni" kaɗai ke iya ɗauka ba tare da ta yi wani iri ba, wato niyya. "Ina so in kai wannan koyarwar wajen matan Mora" magana ce ta zuciya, mai ita ne kawai ya isa ya faɗa. Shi ya sa duk inda ake so a ji dalilinka, ba tarihinka kaɗai ba, "ni" ta fi.

Hattara: kada kowace jimla ta buɗe da "Ni". A Hausa "na" da "ina" sun riga sun ɗauke ka, idan ka ƙara "ni" a gabansu jaddadawa ce, kamar kana cewa ni ba wani ba. "Na buɗe shago" labari ne, "ni na buɗe shago" kamar gardama ake. Sau ɗaya ya isa, ko ma babu.

Mataki na 4: Juya ta zuwa "shi" ko "ita", kalma bayan kalma

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi faɗuwa, don mutane suna ɗauka canza "na" zuwa "ta" ne kawai a wuce. A'a. Ɗauki jan biro ka ja layi ƙarƙashin duk inda kake ɓoye a cikin rubutun, za ka sha mamakin yawansu. Na farko waɗanda ke gaban aiki: na ya koma ta, ina ya koma tana, nake ya koma take, nakan ya koma takan, zan ya koma za ta, in ya koma ta. Ga namiji ya, yana, yake, yakan, zai. Waɗannan kowa yana ganinsu.

Waɗanda ke kuɓucewa su ne na wutsiyar kalma. Shagona zai zama shagonta, ɗalibaina su zama ɗalibanta, wajena wajenta, kaina kanta, mini ya koma mata. Sai babban tarkon da na fi kamawa a takardun mata: sana'ata da sana'arta. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ta farko tawa ce, ta biyun tata ce. Haka unguwata da unguwarta, makarantata da makarantarta, gwanintata da gwanintarta. Ido yana ganin "ta" a ƙarshe sai ya ɗauka an riga an juya, alhali ba a taɓa ta ba, sai mai gabatarwa ya tsaya gaban jama'a ya ce "ta fara sana'ata a 2012", wato sana'arsa shi. Na taɓa jin irin wannan da kunnena a wani taro, mutane suka yi ta kallon juna. Ga namiji abin ya fi sauƙi domin sana'arsa ba ta kama da sana'ata ko kaɗan.

Akwai na korewa ma. "Ban karɓi kuɗi ba" da "ba na karɓar kuɗi" a muryar ni sun sha bamban tun daga farkon jimla, ɗaya abin da ya wuce, ɗaya hali na kullum. Idan aka juya wa mace duka biyun da "ba ta" suke farawa, "ba ta karɓi kuɗi ba" da "ba ta karɓar kuɗi", don haka ka lura da siffar aikin da "ba" ɗin ƙarshe, kada garin sauri ka mayar da halinta na kullum ya zama abin da ya faru sau ɗaya.

Bayan an gama juya kalmomi sai a juya tsarin kansa, don muryar "ita" da suna take buɗewa, kuma tana iya ɗaukar abin da "ni" ba ta iya ɗauka. Ga abin da muka ba mai gabatarwa:

"Malama Wance tela ce a unguwar Domayo. Ta fara koyon ɗinki a 2012 a hannun gwaggonta, ta buɗe shagon kanta a 2016. Zuwa yau ta yaye 'yan mata 23, kuma 14 daga cikinsu suna cin abinci da kekensu. Iyayen yaran nan da ke zaune a nan su ne shaidar haƙurinta."

Dubi abubuwa uku da suka canza. "Malama" ta shigo, kuma ta zauna daram, alhali da ita ce ta rubuta "ni Malama Wance" da sai a ce ta ɗaga kai. Lakabi irin Malam, Hajiya, Alhaji, Dakta, wasu ne ke kiranka da shi, don haka a muryar shi ko ita yake da gurbi. Na biyu, haƙurin nan da muka cire a mataki na 3 ya dawo, saboda yanzu ba ita ke faɗa ba, kuma an jingina shi ga shaidu da ke zaune a wurin. Na uku, jimlar "ina so" ta fita gaba ɗaya. Za a iya cewa "tana fatan kaza", amma sanyi gare ta, kamar ana ba da labarin zuciyar wani daga nesa, gara a rufe da abin da aka gani.

Launin muryar nan shi ne natsuwa da nisa, kamar labaran rediyo, tana sa mutum ya yi girma a ido amma tana janye shi daga kusa da kai. A dandalin biki wannan nisan ado ne. A saƙon da za ka tura wa mai ɗaukar aiki kai tsaye kuwa, sai ya ji kamar ka aiko ɗan aike alhali kana tsaye a bakin ƙofa.

Hattara: idan akwai mace biyu ko namiji biyu a cikin bayanin, "ta" da "ya" suna rikicewa. Zubinmu na farko cewa ya yi "ta koyi ɗinki wajen gwaggonta wadda ta daɗe a sana'ar, ta buɗe shago a 2016", to wa ya buɗe, ita ko gwaggon? A muryar ni wannan matsalar ba ta tasowa sam. Idan ka ga haka ka yanke jimlar biyu ka maimaita suna.

Wata hattarar: mu da girmamawa mukan ce "su Malam sun yi kaza" ga mutum ɗaya. A baki daidai ne, mai gabatarwa ma zai iya ƙarawa da kansa idan dattijo ne, amma kada ka rubuta wa kanka haka, kuma idan za a juya takardar zuwa Faransanci mai juyawa zai iya ɗauka mutane da yawa ne.

Mataki na 5: Muryoyin tsakiya, "mai kaza", "an" da "mu"

Akwai hanya ta uku da ta fi yawa a saman CV, wadda ba ni ba shi, sunaye ne kawai a jere: "Tela mai shagon kai tun 2016. Koyar da 'yan mata 23, 14 sun kafa nasu. Hausa, Fulatanci, Faransanci." Gajere ce, tana shiga ido da sauri, kuma mai kunya yana samun sauƙi a cikinta. A Faransanci tana tafiya sumul. A Hausa kuwa ba ta jure tsawo, domin aikinmu ba ya tsayawa sai da na ko ya ko ta a gabansa, idan ka wuce layi biyu dole ɗayansu ya leƙo, kuma mafi yawan lokaci ba tare da ka zaɓa ba. Ni shawarata, layin farko ya zama haka, kamar kan magana, sauran su bi da "na".

"An" kuwa ina roƙonku ku guje ta a bayanin kai. Ita ce mafakar mai kunya ta ƙarshe: an koyar da yara 23, an buɗe shago, ana ɗinkin yunifom. Wa ya koyar? Ka yi aikin da guminka sannan ka rubuta shi yadda ba mai shi. Wurin da take da amfani shi ne abin da wasu suka yi maka, kamar an ba ni takardar shaida, an zaɓe ni shugabar ƙungiyar teloli ta unguwa, nan kam gaskiya ce, ba kai ka yi ba.

"Mu" ta shago ce. A allon ƙofa da shafin kasuwanci "muna ɗinkin biki" daidai ne, tunda akwai yara a kan kekuna. Amma a neman aiki mutum ɗaya za a ɗauka, idan ka ce "mun koyar" za a tambaye ka a ciki wanne ne naka.

Mataki na 6: Daidaita da wurin da za a sa

Yanzu sai awo. A saman CV layi uku zuwa huɗu, kalma arba'in zuwa sittin, muryar ni ko ta tsakiya. Ka tuna takardar neman aiki da ake rubutawa da hannu a haɗa cikin dosiye kullum da bakinka take magana, to idan aka buɗe shafi na gaba aka tarar kana kiran kanka "shi", sai a ji kamar mutum biyu ne suka haɗa dosiyen.

A Facebook filin bayanin kai na saman shafi harafi 101 ne kawai yake ɗauka, har da tazarar tsakanin kalmomi, kuma sunanka yana nan a sama da manyan baƙi, don haka maimaita suna asarar wuri ce. Wance ta sa: "Ina ɗinkin mata da yunifom a Domayo, Marwa. Ina koyar da ɗinki. Ku kawo yadi mu yi magana." A LinkedIn kuwa, ga masu neman aikin ƙungiyoyi a Marwa ko Kusiri ko Injamena, filin bayanin yana kaiwa harafi 2,600, amma layukan farko kaɗai ake gani sai an danna a buɗe sauran, to abin da ya fi nauyi ya zo farko, kuma shafinka ne, da bakinka za ka yi magana.

Na mai gabatarwa kada ya wuce abin da za a karanta cikin rabin minti, kalma sittin zuwa saba'in. Idan ka ba shi shafi guda shi zai yanke da kansa a tsaye, kuma ba lalle ya yanke inda kake so ba.

Hattara: kada ka kwafi na taro ka manna a shafin waya don ya fi daɗin ji. Wannan ita ce hanyar da "Malam Wane gogagge ne" take shiga shafukan mutane, abokin ciniki ya karanta bai san ko da mai shagon zai yi magana ko da yaronsa ba.

Mataki na 7: Karanta da ƙarfi, a bakin da ya dace

Idan muryar ni ce, kai ka karanta wa wani a fili kana kallonsa. Duk inda ka ji muryarka ta yi ƙasa ko ka sunkuyar da kai, sa alama, ko dai ƙari ne ko sifa ce da ba shaida, musanya ta da aiki da lamba. Idan muryar shi ce, miƙa wa wani ya karanta kai ka saurara, domin a bakin wani za ta rayu. Wance ta ba ƙanenta ya karanta, a nan muka kama "shagon kaina" da ya rage a layi na biyu, mu biyu mun duba da ido sau uku ba mu gan shi ba.

Sannan ka bi da jan biro sau ɗaya don gauraye kawai, kada ka duba komai sai wannan. Yadda yake faruwa kusan kullum iri ɗaya ne: mutum ya fara da "Wane direba ne mai shekara goma a hanyar Garwa zuwa Ngaundare", ya yi jimla biyu lafiya, da ya zo maganar abin da yake so sai zuciya ta karɓe biro, "kuma ina neman a ba ni dama". Duba jimlar ƙarshe da kyau, nan ne ɗinkin yake yawan farkewa.

Mataki na 8: Juyawa zuwa Faransanci da bugawa

Mafi yawanmu a nan dosiye da Faransanci yake tafiya, wani lokaci da Turanci, don haka Hausar da ka rubuta tushe ce. Ka faɗa wa mai juya maka a fili cewa da bakina nake so, ko da bakin wani, kada ka bar shi ya zaɓa, domin da yawa a shagunan buga takardu suna da tsohon CV na wani a cikin kwamfuta, sunan kawai suke canzawa su zuba naka a kai, sai ka fito da muryar mutumin da ba ka taɓa gani ba, wani lokaci ma mace ta fito da siffar namiji a kalmomin.

Kafin a buga ka ce a danna `Ctrl+F` a Word a nemo `je` da `j'` da `mon` da `ma`, sannan a nemo `il` ko `elle` da `son` da `sa`. Idan ɓangarorin biyu duka sun fito a cikin layukan bayanin kuma duka kai suke nufi, an gauraya. Na'urar za ta haska har da waɗanda ke cikin wasu kalmomi kamar `projet`, waɗannan ka wuce su, wanda ya tsaya shi kaɗai kake nema.

Kuɗi kuwa, a wajenmu buga shafi ɗaya baƙi da fari bai wuce sefa 100 ba, fotokofi sefa 25, bugun rubutu daga takardar hannu shi ne mai ɗan tsada, 'yan ɗaruruwa ne a shafi, ya danganta da shago, ka tambaya kafin a fara. Asarar da nake gani ba a nan take ba, tana wajen wanda ya yi kofi goma kafin ya karanta. A buga ɗaya tak, ka fita waje ka karanta a tsaye, idan ya yi sannan a yi kofi.

Hattara: ka ce a ajiye maka fayil biyu daban, sunan kowanne ya nuna muryarsa, misali `bayani_ni` da `bayani_ita`, a tura maka su a waya, na turawa a PDF, na gyara a Word. Wance ta tafi da uku, na Mora da na shafi da na biki, kuma na bikin na sa aka buga mata shi da manyan haruffa, lamba 16, a rabin takarda, saboda mai gabatarwar dattijo ne kuma da la'asar za a yi a tsakar gida.